Su Wane Ne Mutanen da Rahotonka Yake Nufi?

Duk wanda ya taɓa zaman rubuta rahoton bincike, ko ɗalibi ne mai haɗa kundin kammala digiri, ko ma'aikacin ƙaramar hukuma, ko jami'in ƙungiyar agaji, ya san yadda kalmar "mutane" take liƙe wa alƙalami. Mutane sun ce kaza, mutane kaza ne suka amsa, mutane suna neman a yi musu kaza. Kafin a kai ƙarshen shafi ta fito sau goma. Sai malami ko shugaban ofis ya bi su ɗaya bayan ɗaya da jan biro, ya rubuta a gefen takarda cewa a rage maimaici. Daga nan marubuci ya shiga lalube, kuma kalmomin da suka fi kusa da hannunsa uku ne: mazauna, 'yan ƙasa, da masu amsa tambayoyi. Masu rubutu da Turanci ma haka suke yi da kalmar people, suna musanya ta da residents, citizens da respondents, musamman ɗaliban da aka koya musu cewa maimaita kalma yana rage maki.

Matsalar ita ce waɗannan kalmomi uku ba ma'anarsu ɗaya da "mutane" ba, kuma su kansu ba ɗaya suke ba. Kowace tana shata iyaka, tana shigar da wasu tana fitar da wasu. Mazauni ana gane shi ta wurin da yake kwana yake tashi. Ɗan ƙasa doka ce take tantance shi. Mai amsa tambaya kuwa shi ne wanda mai bincike ya tambaya, ya kuma buɗe baki ko ya cike takarda. Mutum ɗaya yana iya zama duka ukun, yana kuma iya zama ɗaya kawai daga ciki. A labarin hira wannan bambanci ba ya damun kowa, amma a rahoton da yake ɗauke da alƙaluma, canza kalma ɗaya yana canza lissafin gaba ɗaya. Garin neman gira ne ake rasa ido: an guje wa maimaici, an faɗa cikin faɗin abin da ba haka yake ba.

Bari mu ƙaddara wani bincike, mu bi shi daki-daki. Alƙaluman na misali ne, amma irin aikin sananne ne. A ce wata ƙungiya tana son sanin halin da ake ciki game da ruwan sha a wata unguwa mai mutum 12,000. Ta raba takardun tambayoyi 500, guda 400 suka dawo a cike. A cikin 400 ɗin, mutum 240 sun ce daga wajen 'yan garuwa suke sayen ruwa. Mai rubuta rahoton ya fara da jimlar da kowa zai fara da ita: "Kashi 60 cikin 100 na mutane suna sayen ruwa." A sakin layi na gaba, don kada ya maimaita, sai ya ce "kashi 60 cikin 100 na mazauna unguwar", a na uku kuma ya ce "'yan ƙasa suna kashe kuɗi mai yawa kan ruwa". A ganinsa ya ƙawata rubutu. A gaskiya kuwa ya yi magana uku daban-daban, kuma babu ɗaya daga ciki da takardun hannunsa suka tabbatar kai tsaye.

Abin da ya tabbata a hannunsa shi ne mutum 240 cikin 400 da suka amsa. Wannan shi ne kashi 60, kuma kalmar da ta dace da shi ita ce "masu amsa tambayoyin" ko "waɗanda suka amsa". Ko a nan ma akwai tarko. "Waɗanda aka tambaya" da "waɗanda suka amsa" ba ɗaya ba ne, domin an tambayi 500, amma 100 ba su ce komai ba. In aka raba 240 da 500, kashi 48 za a samu, ba 60 ba. Wanda ya rubuta "kashi 60 na waɗanda aka tambaya" ya yi kuskuren kashi 12 ba tare da ya taɓa lamba ko ɗaya ba.

Adadin masu amsa kuma ba ya tsayawa wuri ɗaya daga farkon takarda zuwa ƙarshenta, kuma wannan ne abin da sababbin marubuta suka fi mantawa. A ce tambaya ta gaba ita ce nawa ake kashewa kan ruwa a rana. Wannan tambaya ta masu saye ce kaɗai, wato mutum 240. A cikinsu 40 sun tsallake ta, watakila don ba su ne masu biya ba, watakila don ba sa son maganar kuɗi. Sauran 200 suka amsa, 100 daga ciki suka ce sun fi kashe naira dubu a rana. In rahoton ya ce "rabin masu amsa tambayoyin suna kashe fiye da naira dubu", mai karatu zai ɗauka rabin 400 ake nufi, wato mutum 200, alhali 100 ne, kashi ɗaya cikin huɗu na dukkan masu amsawa. Jimlar da ta dace ta ɗan fi tsawo: "rabin masu sayen ruwa da suka amsa wannan tambaya, wato 100 cikin 200". Shi ya sa ƙwararrun masu rahoto suke rubuta adadin da aka yi lissafi a kansa a ƙarƙashin kowane jadawali.

To yaushe ne ya halatta a tashi daga "masu amsa" a koma "mazauna"? Wanda ya rubuta "kashi 60 na mazauna unguwar" yana cewa ne kusan mutum 7,200 cikin 12,000 suna shan ruwan saye, kuma bai ga mafi yawansu ba. Ana iya yin wannan tsallake, hasali ma dominsa ake yin bincike, amma da sharaɗi. Sai in an zaɓi waɗanda za a tambaya ta hanyar da kowane gida a unguwar yake da damar faɗowa ciki, kamar a lissafa gidaje duka sannan a jefa ƙuri'a, ko a riƙa ɗaukar kowane gida na biyar a layi. In an yi haka da mutum 400, lissafin masana ƙididdiga yana ba da sassaucin kusan kashi 5 sama ko ƙasa, don haka gaskiyar tana tsakanin 55 da 65. Ko da hakan, jimlar tana buƙatar kalmar da za ta nuna ƙiyasi ne: "an ƙiyasta cewa kusan kashi 60 na mazauna unguwar". Amma in ma'aikatan sun tsaya ne a bakin titi ko ƙofar kasuwa suna tare duk wanda ya zo wucewa, babu hanyar da za a bi a ce "mazauna", komai yawan takardun da aka cike.

Dalilin a bayyane yake ga duk wanda ya san unguwanninmu. Wanda aka tare a bakin kasuwa da hantsi yana iya zama mai shago da yake zuwa daga wata unguwa kullum safiya ya koma da magariba. Yana shan ruwan unguwar da rana, amma ba mazauninta ba ne. A ɗaya gefen kuma akwai matan da ke cikin gida, waɗanda su ne suka fi kowa sanin jarka nawa ake sha a rana, kuma mai tsayuwa a titi ba zai gan su ba. Don haka cikin masu amsa akwai waɗanda ba mazauna ba, cikin mazauna kuma akwai rukuni guda da ba a ji ta bakinsu ba.

Ita kanta kalmar "mazauni" tana bukatar a fayyace ta tun farkon rahoto. Ɗan ci-rani da yake zuwa bayan an gama girbi ya koma da faɗuwar damina, mazauni ne ko baƙo? Almajirin da ya shekara uku a tsangayar unguwar fa, alhali iyayensa suna wani gari? Ɗalibar da take makarantar kwana, sai hutu take dawowa? Babu amsa ɗaya da ta dace da kowane bincike. Wasu suna yanke wata shida, wasu shekara guda, wasu kuma suna ƙirga duk wanda ya kwana a gidan daren jiya. Abin da ake bukata shi ne marubuci ya faɗi ma'aunin da ya ɗauka a jimla ɗaya, ya kuma tsaya a kansa har ƙarshe. Sannan "mazauna" ba ta tafiya ita kaɗai: mazauna ina? Unguwar, ƙaramar hukumar, ko birnin duka? Binciken da aka yi a unguwa ɗaya ba ya zama na "mazauna Kano" ko "mazauna Zinder" don kawai unguwar tana cikin birnin.

Akwai kuma batun gida da mutum. A irin wannan bincike na ruwa yawanci mutum ɗaya ake tambaya a kowane gida, ya amsa a madadin kowa. In haka ne, 240 ɗin gidaje ne, ba ɗaiɗaikun mutane ba, kuma kalmar da ta fi dacewa ita ce "gidaje" ko "iyalai". Gidan da ke da mutum uku da wanda ke da ashirin duk takarda ɗaya suka cike. In manyan gidaje ne suka fi sayen ruwa, kason mutanen da ke shan ruwan saye zai haura kashi 60. In ƙanana ne, zai gaza. A ƙasar Hausa ma gida ɗaya mai zaure ɗaya yakan ƙunshi magidanta uku ko huɗu, kowa da tukunyarsa, shi ya sa masu bincike suke auna iyali da waɗanda suke ci daga tukunya ɗaya.

Mai son ganin yadda ake kiyaye wannan iyaka ya duba babban binciken lafiya da yawan jama'a na Najeriya na shekarar 2018, wanda Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar. An yi hira da mata 41,821 masu shekara 15 zuwa 49 da maza 13,311 masu shekara 15 zuwa 59. Jadawalan rahoton suna maimaita "mata masu shekara 15 zuwa 49" shafi bayan shafi, ba tare da gajiya ba kuma ba tare da neman wata kalmar ado ba. Wanda ya cancanci hira shi ne wanda ya saba zama a gidan da aka zaɓa ko baƙon da ya kwana a ciki daren da ya gabata. Wato ma'aunin zama ne, ba takardar zama ɗan ƙasa ba.

Wannan ya kawo mu kan kalma ta uku, wadda a ganina ita aka fi zalunta. "'Yan ƙasa" tana da daɗin faɗi, tana da nauyi, 'yan siyasa da 'yan jarida suna son ta, shi ya sa take shiga rahoto inda ba a gayyace ta ba. Amma matsayi ne na doka. Kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ware babi na uku gaba ɗaya a kansa, ya ce ana zama ɗan ƙasa ta haihuwa, ko ta rajista, ko ta neman izinin zama ɗan ƙasa, wanda ɗaya daga sharuɗɗansa shi ne daɗewar shekara 15 a ƙasar. Babi na huɗu, na haƙƙoƙin ɗan Adam, ya fi kowane littafin koyon rubutu nuna bambancin. Haƙƙin rayuwa a sashe na 33 na "kowane mutum" ne, baƙo ko ɗan gida. 'Yancin yawo da zama a ko'ina cikin ƙasar, a sashe na 41, na "kowane ɗan ƙasa" ne. Waɗanda suka rubuta kundin ba don gudun maimaici suka canza kalmar ba.

A unguwarmu ta misali, cikin mutum 400 da suka amsa ba mamaki a samu talatin 'yan Nijar ne ko Chadi ko Kamaru, Hausa ɗaya, sallah ɗaya, wasu ma sun fi shekara ashirin a nan. Mazauna ne cikakku, ruwan da kowa yake saye suke saye, amma ba 'yan ƙasa ba ne a doka. Takardar tambayoyin ma ba ta tambayi kowa ƙasarsa ba. Saboda haka jimlar "'yan ƙasa suna kashe kuɗi mai yawa kan ruwa" ta yi laifi biyu: ta fitar da waɗannan talatin daga lissafin da suke ciki, ta kuma shigar da miliyoyin 'yan Najeriya da ba su taɓa taka unguwar ba, har da na ƙasashen waje, tunda ɗan ƙasa yana nan ɗan ƙasa ko a Jidda yake zaune.

A wasu ƙasashe giɓin da ke tsakanin kalmomin biyu ya fi ƙarfin a kau da kai. Ƙidayar Saudiyya ta 2022 ta samu mutum kusan miliyan 32.2, amma 'yan ƙasar miliyan 18.8 ne, sauran miliyan 13.4 baƙi ne. Wanda ya rubuta cewa Saudiyya tana da "'yan ƙasa miliyan 32" ya raba takardar zama ɗan ƙasa ga mutum sama da miliyan goma sha uku da alƙalaminsa, abin da duk Bahaushen da ya taɓa fama da sabunta igama zai yi wa dariya. A Ƙatar da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa 'yan ƙasa tsiraru ne ƙwarai a cikin mazauna. Ko a gida, miliyan 140.4 da ƙidayar 2006 ta bayar adadin mutanen da aka samu a cikin Najeriya ne lokacin ƙirga, ba jerin masu fasfo ba. Haka lambar shaida ta NIN: ana ba 'yan ƙasa, ana kuma ba baƙin da ke zaune bisa ƙa'ida, don haka yawan masu ita ba shi ne yawan 'yan ƙasa ba.

A Hausa akwai ƙarin ruɗani, domin a bakin jama'a "ɗan ƙasa" yakan ɗauki ma'anar ɗan asalin wuri, kishiyar baƙo. Ɗan Ibo da aka haifa a Sabon Garin Kano ɗan ƙasa ne a doka, mazaunin Kano ne a zahiri, amma mai neman takardar shaidar asali a ƙaramar hukuma ya san ana tambayar wani abu na uku. Rahoton da ya taɓo wannan batu ya kamata ya rubuta "'yan asalin jihar" in su yake nufi, ya bar "'yan ƙasa" ga ma'anarta ta doka. Haka "'yan Kano" da "Kanawa": ba wanda zai iya tantance ko mazauna ake nufi ko 'yan asali, don haka ba su da gurbi kusa da lamba.

Inda "'yan ƙasa" take da gurbi shi ne inda maganar ta shafi abin da zama ɗan ƙasa yake bayarwa: zaɓe, fasfo, tsayawa takara. Ko a nan ɗin sau da yawa akwai kalmar da ta fi ta daidai. A zaɓen 2023 rajistar hukumar zaɓe ta ƙunshi mutum miliyan 93.4, amma waɗanda suka fito zaɓen shugaban ƙasa ba su kai kashi 30 cikin 100 na masu rajistar ba. 'Yan ƙasa, masu rajista, da waɗanda suka kaɗa ƙuri'a rukuni uku ne, kowane ya fi na gabansa ƙanƙanta.

In haka ne, yaya za a yi da "mutane" goma da ke shafi ɗaya? Mafi yawansu ba canji suke bukata ba, cirewa suke bukata. Hausa ta tanadi hanyoyi masu sauƙi. Da zarar an ambaci rukuni sau ɗaya, "su" da "daga cikinsu" sun isa su riƙe sakin layi guda. Lamba ma tana tsayawa da ƙafarta: "240 sun ce" ba ta rasa komai ba. Wani lokaci kuma a juya jimlar ta koma kan abin da ake aunawa, a ce "sayen ruwa ya fi yawa a yammacin unguwar" maimakon "mutanen yammacin unguwar sun fi sayen ruwa". Ga yadda sakin layin rahotonmu zai iya fita:

"An raba takardun tambayoyi 500 a unguwar, 400 suka dawo a cike. Daga cikin waɗanda suka amsa, 240, wato kashi 60 cikin 100, sun ce daga wajen 'yan garuwa suke sayen ruwa. An tambayi masu sayen nawa suke kashewa a rana. 200 suka bayar da amsa, rabinsu suka ce sun fi naira dubu. Da yake an zaɓi gidajen ta hanyar ƙuri'a, ana iya ƙiyasta cewa tsakanin kashi 55 da 65 na gidajen unguwar sun dogara da ruwan saye."

Kalmar "mutane" ba ta fito ko sau ɗaya ba, kuma ba a aro wata kalmar da ta fi ƙarfin hujja ba. Kowace jimla ta faɗi su wa take nufi.

Sauran kalmomin da ake jawowa su cike gurbi su ma a yi hattara da su. "Jama'a" ita ce ta fi kusa da "mutane", ba ta ƙara komai, amma ba ta rage duhu ba. "Al'umma" tana nuna kowa da kowa sun haɗu a kan magana ɗaya, abin da takarda 400 ba za su iya nunawa ba. "Talakawa" kuwa da'awa ce game da samun mutum, ba a rubuta ta sai in an tambayi abin da yake samu. Kalmomi irin su magidanta, matan aure, manoma ko ɗalibai sun fi kowace kyau in binciken su kaɗai ya shafa, domin suna rage maimaici suna kuma ƙara bayani.

Ni a ra'ayina malaman da ke zagaye kowace kalma da ta fito sau biyu suna da nasu kason na laifi. Ƙa'idar gudun maimaici ta insha'i ce da ƙagaggen labari. A rahoto, mai karatu yana ɗauka cewa sabuwar kalma tana nufin sabon rukuni, kuma yana da gaskiya. In shafi na biyu ya ce "masu amsa", na uku ya ce "mazauna", dole ya tsaya ya tambayi kansa ko an yi bincike biyu ne. Gara "masu amsa tambayoyin" ta fito sau ashirin a babi ɗaya da a musanya ta sau ɗaya da kalmar da ba tata ba.

Kafin ka miƙa rahotonka, bi duk wurin da ka rubuta kaso ko adadi, ka duba kalmar da ke kusa da shi, ka tambayi kanka: kashi kaza na su wa, kuma su nawa ne? In amsar tana cikin takardun da aka cike, rubuta "waɗanda suka amsa" ka sa adadinsu. In ka yi ƙiyasi ne zuwa unguwa ko gari, rubuta "mazauna", ka faɗi sunan wurin da yadda aka zaɓi gidajen. In kuwa ba ka tambayi kowa ƙasarsa ba, goge "'yan ƙasa" duk inda ta fito.